Raddi ga Masu Cewa Sunan Waƙa Lamba Ce Kawai

Akwai manazarta da ke cewa sunan waƙa bai wuce lambar da ake sa wa kaya don kada su ɓace ba, ma'ana kuwa tana cikin baitoci. Ban yarda ba, kuma shaidata ita ce waƙar Malam Sa'adu Zungur, "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya".

Hujjarsu ta farko ita ce, baiti yakan faɗi abin da ya faɗa, da suna ko babu. To, a ba ɗalibi waƙar nan a rufe masa sunanta. Zai tarar da kariya ga sarauta, da tsoron kada 'yan Kudu su danne Arewa, da nasiha ga sarakuna. Ba abin mamaki ba ne ya ɗauka wani bafade ne mai ilimi ya rubuta. A buɗe masa sunan, sai ya ga tambaya ce aka ɗora a bisa kan baitocin, hanya biyu ce kuma ba a rufe ko ɗaya ba tukuna. Daga nan nasihar ta zama sharaɗi: ku gyara, ko ku rasa. Ambaton sarakunan Indiya, waɗanda mulki ya suɓuce musu bayan 'yancin 1947, ya tashi daga labarin wata ƙasa mai nisa, ya koma gargaɗi a ƙofar fada. Ba a sauya ko harafi guda a baitocin ba, amma muryar mai magana ta sauya.

Sun kuma ce rera waƙar Hausa ake yi, mai sauraro ba ya jin suna. Wannan ya fi dacewa da waƙar baka. Ta Sa'adu rubutacciya ce, an buga ta, ana karantar da ita a makarantu, kuma sunan ne ido ke fara cin karo da shi.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, sau da yawa ba mawaƙi ke raɗa sunan ba, almajirai ne ko masu ɗab'i. Na yarda hakan na faruwa. Sai dai wannan magana ce a kan wanda ya raɗa, ba a kan aikin da sunan ke yi ba. In ma wani ne ya sa, ai shi ya riga mai karatu yin fassara, don haka wajibi ne manazarci ya binciki asalin sunan.

Su kansu mutanen zamanin ba su ɗauke shi lamba ba. Da Mudi Sipikin, mawaƙin NEPU, ya tashi mayar da martani, sai ya kira tasa waƙar "Arewa Jamhuriya Kawai". Ya ga zaɓin da aka bari a buɗe, ya rufe shi tun kafin ya shiga baitin farko.