Kafin mu ce «kowa na tsoro», wa muka tambaya?

A wani taron iyayen yara da na halarta a unguwarmu, wani dattijo ya miƙe ya ce a dakatar da darasin yamma, don kowa na tsoron ɓarayi da masu fizgen salula. Wani ya ce a tara kuɗi a ɗauki masu gadi. Na duba ɗakin: kusan duka maza ne magidanta, mata kaɗan suna baya, kuma babu yarinya ko ɗaya cikin waɗanda ke dawowa daga darasin bayan magariba. Ban musanta cewa akwai tsoro ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a hana yara karatu, ko a fara kallon samarin fada da idon zargi, bisa maganar waɗanda suka fi kowa murya. Ra'ayina shi ne makaranta da iyaye za su iya auna wannan tsoro da kansu, in sun kula da abu biyu: wa za a tambaya, kuma da waɗanne kalmomi.

Mu fara da zaɓen mutane. Kuskuren da ɗalibaina masu koyon aikin malanta suka fi yi shi ne su tsaya ƙofar masallaci ko bakin kasuwa su tambayi duk wanda ya gifta. To amma wanda tsoro ya fi kamawa shi ne wanda ya daina fita, don haka ba za ka gamu da shi a hanya ba. Dole a bi gida-gida, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓi gidan, ba son ran mai tambaya ba.

A ce mun zagaya unguwa, mun zana lungunanta a takarda, mun ƙirga iyalai 600. Iyali a nan su ne masu ci daga tukunya ɗaya, domin ƙofa ɗaya kan ɓoye iyali uku ko huɗu. Muna son mutum 120. In ka raba 600 da 120 za ka samu 5. Sai a rubuta 1 zuwa 5 a ƴan takardu, a ɗauki ɗaya ido rufe. In 3 ta fito, sai a shiga iyali na 3, na 8, na 13, haka har ƙarshen jerin. Da wannan, lungun bayan kwata da gidajen bakin kwalta duk za su samu rabonsu.

In an shiga gida, aikin bai ƙare ba. Mai gida zai ce shi zai amsa, kuma da kyakkyawar niyya zai faɗa. In aka bar shi haka, ra'ayin magidanta 120 za a tattaro a kira shi ra'ayin unguwa. Maganin shi ne a lissafa duk mai shekara 18 zuwa sama a iyalin, a sake jefa ƙuri'a. A wasu ƙasashe ana zaɓen wanda ranar haihuwarsa ta fi kusa, amma a nan mutane da yawa ba su riƙe ranar ba, don haka ƴan takardu sun fi mana. In wanda ƙuri'a ta faɗa wa ba ya nan, ɗan kabu-kabu ne ko mai talla, sai a koma har sau uku a lokuta dabam-dabam. Kada a musanya shi da wanda aka tarar zaune. Mace ce za ta tambayi mace, a keɓe, ba gaban miji ko uwar miji ba. Ƴan makaranta da ba su kai 18 ba kuwa a yi musu nasu jeri dabam, da izinin iyaye. A sanar da mai unguwa, amma kada wakilinsa ya raka masu tambaya, kuma kada a rubuta sunan kowa a takardar amsa.

Sai kalmomi. Tambayar da ta fi shahara a duniya ita ce a ce wa mutum yaya yake jin kwanciyar hankali in yana tafiya shi kaɗai a unguwarsu bayan duhu. Binciken laifuka na Birtaniya, wanda aka fara a 1982, ya daɗe yana amfani da ita, kuma masana sun daɗe suna sukarta. Ku gwada ta a Damagaram ko Maraɗi ku gani. Matar da ba ta fita da dare tun asali, me za ta ce? Wanda ya ce hankalinsa ba ya kwanciya, ɓarawo yake nufi, ko kare, ko rami in an ɗauke wuta, ko iskoki? Tambayar ba ta ambaci laifi ba ma.

Ita ma kalmar «tsoro» tarko ce. Ka tambayi saurayi ko yana tsoro, zai ji kamar ka kira shi matsoraci, ya ce a'a ko da zuciyarsa na dukan uku-uku. «Fargaba» ko «damuwa» sun fi sauƙin amsawa. Haka kuma kada a ce «ba ka ganin samarin fada sun addabi unguwa?» Wannan ka riga ka sa wa mutum amsa a baki, ka kuma shafa wa ƴaƴan mutane kashin kaji.

Tambaya mai kyau tana faɗin laifi ɗaya, da wuri, da lokaci. Misali: «Daga ƙaramar salla zuwa yau, kin taɓa jin fargabar a fizge miki salula a hanyar unguwar nan?» In ta ce e, sai a bi da: «Kamar sau nawa?» Sannan: «Karon ƙarshe, fargabar kaɗan ce, ko matsakaiciya, ko mai yawa?» Salla ta fi «watanni shida da suka wuce» zama a kan mutane. A maimaita wannan tsari ga fasa gida da dare, da tare hanya, kowanne dabam. Daga nan a tambayi aiki, wanda ya fi ji sauƙin tunawa: «Akwai hanyar da kika daina bi? Kin taɓa hana yaro zuwa darasi saboda wannan?» Tambayar ko an taɓa yi wa mutum sata a bar ta ƙarshe, don in ta zo farko za ta tayar masa da hankali ta rina sauran amsoshin. Kafin a fita, a gwada takardar kan mutum goma na wata unguwa, a ce kowa ya maimaita tambayar da bakinsa. In uku sun fahimce ta dabam, tambayar ce ke da laifi.

Na san abin da za a ce mini: mutum 120 ba su ne unguwa ba, kuma ɓarawo ba ya jiran lissafi. Gaskiya ne lissafin yana da iyaka. Da mutum 120, in 48 sun ce sun ji fargaba, wato kashi 40 cikin ɗari, gaskiyar tana iya kasancewa tsakanin kusan 31 da 49. In ana son ratar ta ragu zuwa kusan maki 5, sai an tambayi wajen mutum 400. Saboda haka kada a yi gardama kan bambancin 40 da 44, kuma kada a yanke hukunci kan lungun da aka tambayi mutum takwas kawai. A kuma faɗi mutum nawa suka ƙi amsawa, domin in ƙin ya taru a lungu ɗaya, wannan ma labari ne. Sannan takardar tana auna fargaba ne, ba yawan sata ba.

Duk da haka ta isa ta raba mana hanya. In fargabar ta bazu ko'ina, maganar masu gadi tana da tushe. In kuwa ta taru ga ƴan mata da iyayensu, a kan lungu biyu marasa haske tsakanin magariba da lisha, to fitila da rakiya da matso da lokacin tashi sun fi rufe aji. Malamai shida, kowa da iyali 20, za su gama cikin mako biyu. A taro mai zuwa wannan zan roƙa: a ba mu mako biyun kafin a taɓa darasin yara.