Kafin a nemi CDN, a fara cika rumbun da ke cikin wayar

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda tana karɓar ɗalibai daga Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke tsakani. Ɗalibi irin wannan yakan buɗe shafin makaranta ko na banki sau da dama a mako, a waya, da datar da ya saya da kuɗinsa. Idan shafi ya yi nauyi, shawarar da aka fi bai wa mai shi ita ce ya ɗora shi a kan CDN. A ganina, ga mai karatu a arewacin Zamfara, wannan mataki na biyu ne.

CDN jerin sabobi ne da aka baza a manyan birane, kowace tana riƙe da kwafin fayilolin shafi. Cloudflare, alal misali, yana da cibiya a Legas, inda wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ke sauka. Shafin da sabarsa ke Turai zai amfana, domin fayil zai taso daga Legas maimakon ƙetare. Sai dai inda aka fi samun cikas ga mutumin Zurmi shi ne tsakanin turken sadarwa da wayarsa, kuma CDN ba ta da iko a kan wannan zangon. Abin da ke kauce masa shi ne ma'ajiyar burauza, wato fayilolin da waya ta adana tun ziyarar farko. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Mu ƙaddara shafi mai nauyin megabayit 2. Daga ciki, rubutun HTML kilobayit 40 ne kawai, sauran kuwa hotuna ne da fayilolin CSS da JavaScript waɗanda kan yi watanni ba su sauya ba. A layin da ke kawo megabit 1 a daƙiƙa, sauke duka zai ci daƙiƙa 16. Idan waya ta riga ta adana sauran, kilobayit 40 ɗin ba za su kai rabin daƙiƙa ba, ban da lokacin ƙulla haɗi da saba. Wanda ya buɗe shafin sau 20 a wata ya tsira da kusan megabayit 37.

Saba ce ke gaya wa burauza abin da za ta adana, ta hanyar layi guda da take haɗawa da kowane fayil. Ga fayilolin da ba sa sauyawa:

```
Cache-Control: public, max-age=31536000, immutable
```

Adadin nan shekara guda ce a daƙiƙoƙi, ma'ana a yi amfani da kwafin ba tare da sake tambaya ba.

Masu gina shafuka da yawa suna tsoron wannan layi, kuma suna da hujja. Idan aka gyara fayil gobe, tsohon maziyarci zai ci gaba da ganin tsohon. Maganin shi ne a sauya sunan fayil duk lokacin da abin da ke cikinsa ya sauya, misali `app.3f9a1c.css` ya koma `app.8b02e7.css`. Shi kuwa HTML, wanda ke ɗauke da waɗannan sunaye, sai a ba shi `no-cache`. Sunan yana ruɗarwa: bai hana adanawa ba, yana nufin a tambayi saba kafin a yi amfani da kwafin. In babu sauyi, saba ta amsa da `304` ba tare da sake aiko shafin ba.

Haɗari mafi girma yana wajen CDN. Idan shafin sakamakon jarrabawa ko rasidin kuɗin makaranta ya fita da `public`, CDN tana iya adana na ɗalibi guda ta miƙa wa wanda ya biyo bayansa. Duk shafin da ake shiga da kalmar sirri a ba shi `private`, mai bayanan kuɗi kuma `no-store`.

Gane ko aikin ya yi ba shi da wuya. A buɗe shafin sau biyu a Chrome na kwamfuta, a duba sashen `Network` na DevTools: fayilolin da aka adana za su nuna `(disk cache)` ko `(memory cache)`. A Cloudflare kuwa, `cf-cache-status: HIT` na nufin daga CDN amsar ta fito.

Ma'ajiyar burauza ba ta taimaki baƙon farko ba, kuma wayar da ta cika takan zubar da abin da ta adana. A nan ne CDN ke da amfani, shi ya sa ban ce a bar ta ba. Amma ita ma da waɗannan layukan take sanin abin da za ta riƙe, saboda haka su ya kamata a fara gyarawa.