Ambaliyar Disina da tsohuwar tambaya: me ya sa Mai rahama yake barin sharri?

Disina, a ƙaramar hukumar Shira ta masarautar Katagum, gari ne da ya san alherin ruwa, ya kuma san ɓarnarsa. Kogin da ke shayar da fadama shi ne kan tumbatsa ya rusa ɗakunan ƙasa, ya kwashe shinkafa da gero. A 2022 ambaliya ta hallaka fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, a watan Agustan 2024 kuma ruwa ya katse babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Duk lokacin da haka ta faru, kalma guda ake ji daga zauren makoki har zuwa bakin jami'in da ya kai gudummawa: ƙaddara. A ƙarƙashin kalmar akwai tambayar da malamai suka daɗe suna kokawa da ita: in Allah Mai iko ne a kan komai, Masani, Mai rahama, me ya sa ake shan irin wannan azaba? Tambayar tana da fuska biyu, kuma cakuɗa su ne ke sa a ba da amsa mai arha.

Fuska ta farko ta manɗiƙi ce, wato ta zargin tufka da warwara. A 1955 masanin falsafa J. L. Mackie ya ce magana uku ba sa zama inuwa ɗaya: Allah Mai cikakken iko ne, Mai cikakken alheri ne, sharri kuma yana nan. A ganinsa mai alheri yakan kawar da duk sharrin da zai iya, Mai cikakken iko kuwa babu abin da ya gagare shi. A bisa wannan, ko ƙaya ɗaya ta soki yaro a gona, ta isa hujja.

Sai dai ƙarfin da'awar shi ne rauninta. Wanda ya ce abu ba zai taɓa yiwuwa ba, misali ɗaya mai yiwuwa ya isa ya karya shi. Abin da Alvin Plantinga ya yi ke nan a 1974: ya nuna mai yiwuwa ne duniyar da halittu suke da zaɓi na gaskiya ta fi wadda babu zaɓi daraja, kuma ba a ba mutum zaɓi sannan a tilasta masa zaɓar daidai kullum. Bai ce ya san dalilin Allah ba. Ya nuna dai babu karo tsakanin maganganun. Yawancin masanan fagen, masu imani da marasa shi, sun karɓi cewa wannan fuskar ta yi rauni.

Fuska ta biyu ta shaida ce, kuma ita ce mai wuya. William Rowe, a 1979, bai ce akwai karo ba. Ya kawo misalin ɗan barewa da gobarar daji ta rutsa da shi, ya kwana da kwanaki cikin raɗaɗi kafin ya mutu, babu wanda ya gani balle ya ɗauki darasi. Ya ce irin wannan wahala, da yawanta, tana nuna alamar rashin wata manufa, don haka tana rage nauyin hujjar masu imani. Ta farko kamar alƙali ne da ya kori ƙara saboda ta ci karo da kanta. Ta biyu kamar mai binciken kuɗi ne da ke tara alamu har zargi ya yi nauyi.

A ɗauka, a matsayin misali, ruwa ya shiga wata unguwa da tsakar dare, bango ya faɗa kan jaririya. A gwada manyan amsoshi uku a kan wannan.

Amsar zaɓin ɗan Adam tana ɗaukar kaso mai yawa. In an toshe magudana, ko an cinye kuɗin kwalbati, ko gargaɗin hukumar hasashen yanayi ya kwana a cikin fayil, to hannun mutum ne. Haka Rousseau ya tuna wa Voltaire bayan girgizar ƙasar Lisbon ta 1755, cewa ba ɗabi'a ce ta cunkusa mutane cikin dogayen benaye ba. Amma zaɓin mutum bai saukar da ruwan ba, kuma jaririyar ba ta zaɓi komai ba.

Amsa ta biyu ita ce ta jarrabawa da tarbiyyar rai, wadda John Hick ya faɗaɗa a 1966, wadda kuma Musulmi ya sani tun daga darasin haƙuri. Ba a samun jarumta inda babu haɗari, ba a samun tausayi inda babu buƙata; mai kwalekwalen da ya shiga ruwa ceton maƙwabta shaida ne. Iyakarta a fili take: jaririyar ba ta rayu ta koyi komai ba, kuma yana da nauyi a ce an yi amfani da ranta don gyaran zuciyar wasu. Saboda haka wannan amsa ba ta tsayuwa sai ta jingina da sakamakon lahira.

Amsa ta uku ita ce ta iyakar sanin ɗan Adam, kuma ita ce ta fuskanci Rowe kai tsaye. Stephen Wykstra ya ce a 1984 rashin ganin dalili ba ya zama hujjar rashinsa sai in abu ne da ido zai gani da yana nan. Wanda ya leƙa rumbu bai ga akuya ba, yana da damar cewa babu akuya. Bai da damar cewa babu ƙwayar cuta. Ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi ta riga shi: huda jirgin ruwa ya yi kama da zalunci, ashe tsare shi aka yi daga sarki mai ƙwace.

Wannan ce amsa mafi ƙarfi, kuma ita ce mafi saurin lalacewa a hannun mai muƙami. In kowace masifa tana iya ɓoye alheri, malalaci zai ce to me ya sa za a hana ta? Ƙissar da kanta ta toshe wannan ƙofa: Halliru ya yi aiki ne da ilimin da aka ba shi shi kaɗai, Musa kuwa, da ba shi da wannan ilimi, ya yi inkarin abin da ya gani. Babu darakta ko mataimaki na musamman da aka ba ilimin Halliru. Sa'ad da Sayyidina Umar ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'arsa, ya bayyana cewa gudun ma cikin ƙaddarar Allah yake.

Saboda haka mumini yana da hujjar cewa ruwan Disina bai rusa imaninsa ba, ko da yake gaskiya ta wajabta masa amincewa cewa bai san hikimar kowane rai da ya salwanta ba. Abin da ba shi da hujja a kai shi ne mayar da wannan rashin sani mayafin sakaci. Uwar da ta rasa ɗiya tana da haƙƙin fakewa da ƙaddara. Wanda fayil ɗin kwalbati ya kwana a teburinsa, tambayar da ke jiransa ba ta falsafa ba ce.