Ba Dubu Biyu Aka Caje Mu Ba

'Yan uwa marubuta, mu daina yaudarar kanmu da cewa "ai kuɗin turawa dubu biyu ne kacal".

A ce za mu biya mai zana mana bangon littafi a Maraɗi. Mun miƙa wa mai turawa naira 110,000, ya cire ladansa 2,000, saura 108,000. A kasuwa, mu ƙaddara sefa dubu tana naira 2,500, shi kuwa ya yanka mana 2,700. Mai zanenmu zai karɓi sefa 40,000.

To, sefa 40,000 nawa take a farashin kasuwa? Naira 100,000. Ashe dubu goma muka yi asara. Dubu biyu ya faɗa mana da bakinsa, dubu takwas ya ɓoye a cikin canji, mu kuma har da godiya!

Masu cewa gara a riƙa turawa kaɗan-kaɗan sun fi ba mu haushi. Ladan nan ba ya raguwa don kuɗin ya ragu. A raba turawar gida huɗu, dubu biyun ta koma dubu takwas, mugun canjin yana nan daram.

Kafin mu miƙa ko sisi, mu tambaye shi sefa nawa za ta shiga hannun mutuminmu.