Ƙaramin akwatin da ya tsayar da reshen banki

Da safiyar wata Litinin ta ƙarshen wata, layi ya cika wani reshen banki a Kano tun kafin a buɗe ƙofa. Ma'aikatan kanta suka kunna kwamfutocinsu, manhajar banki ta ƙi buɗewa. Na'urorin cirar kuɗi na waje suka daina aiki, wayoyin tebur da ke kan netwok suka yi shiru. Manaja ya kira kamfanin da ke ba su layin sadarwa, aka ce layi lafiya lau. Hedikwata ma ta ce tana ganin rawutar reshen a kunne.

Aka kashe rawuta aka kunna, babu canji. Aka kashe babban suwic aka kunna, komai ya dawo na ɗan lokaci, har wata mai karɓar kuɗi ta fara shigar da lambar sirrinta, sai ya sake tsayawa cak.

"Injiniya, ko kutse aka yi mana?" in ji manaja.

"Ranka ya daɗe, bari in ga fitilu tukuna."

A ɗakin na'urori injiniyan ya tarar da fitilun babban suwic suna ƙyaftawa gaba ɗaya, da sauri iri ɗaya, har na ramukan da kwamfutocinsu ba sa aikin komai. A rana ta yau da kullum kowace fitila da nata bugun. Idan duk suka haɗu a bugu ɗaya, saƙo ɗaya ne yake cika kowane rami. Ya jona kwamfutarsa kai tsaye da suwic ɗin, samfurin Cisco, ta wayar saiti, tunda ta netwok ba ya amsawa. Ya buga `show logging`, sai ga layi ɗaya yana ta maimaituwa:

```
%SW_MATM-4-MACFLAP_NOTIF: Host 0011.2233.4455 in vlan 10
is flapping between port Gi0/7 and port Gi0/12
```

Suwic yana riƙe da jadawalin da ke nuna masa ramin da kowace na'ura take, gwargwadon adireshinta na MAC. Layin nan yana cewa ana ganin na'ura ɗaya a rami na 7, kafin ƙiftawar ido kuma a rami na 12. Kwamfuta ba ta zama a wuri biyu. Ke nan akwai hanyar da ta fita ta rami ɗaya ta dawo ta ɗayan. Ya zare kebul na rami na 12, nan take fitilu suka lafa, aka ji firinta ta fara fitar da takardun da suka maƙale tun safe.

Ramukan bango na reshen ba su da lamba, don haka sai da ya bi su da na'urar gano waya. Dukansu biyu suna bayan teburin buɗe asusu. A ƙarƙashin teburin, cikin ƙura, ga wani ƙaramin suwic mai rami biyar, irin wanda ake saya a kasuwa a jona kawai, ba shi da saiti kuma ba a iya shiga cikinsa. An sayo shi ne tun lokacin da aka ƙara firinta da na'urar ɗaukar hoton yatsa, rami ɗaya ya yi kaɗan. A ƙarshen mako an matsar da tebura. Wani ma'aikaci ya ga kebul yana reto daga akwatin, ya ga rami a bango babu komai, ya cusa shi da niyyar gyara. Akwatin ya koma haɗe da babban suwic ta hanya biyu.

Abin da ya sa wannan ke kashe reshe gaba ɗaya yana cikin ginin Ethernet kansa. Duk lokacin da kwamfuta ke neman adireshin wata na'ura, tana aika shela ta ARP, suwic kuma yana kwafa shelar zuwa kowane rami ban da wanda ta shigo ta cikinsa. Shelar ta fita ta rami na 7, ƙaramin akwati ya mayar da ita ta rami na 12, babban suwic ya ɗauke ta sabuwa ce ya sake bazawa. Wani kwafin kuma yana zagayawa ta ɗaya ɓangaren. Saƙon IP yana da lambar TTL da kowace rawuta ke ragewa har saƙon ya mutu, amma suwic ba ya taɓa wannan lamba, don haka shelar ba ta da ranar tsayawa. Kowace sabuwa tana ƙaruwa a kan na baya. Wayar gigabit ɗaya tana iya ɗaukar kusan miliyan ɗaya da rabi na ƙananan saƙonni a daƙiƙa, kuma kowace kwamfuta tilas ta duba kowace shela. Shi ya sa kashewa da kunnawa ke ba da ɗan sauƙi: yana share abin da ke zagaye, sai shelar farko ta sake tayar da guguwar.

Maganin wannan ya daɗe. Radia Perlman ta ƙirƙiro tsarin STP a 1985, ya zama ƙa'idar IEEE 802.1D a 1990. Suwic mai saiti yana aika ɗan saƙo mai suna BPDU duk bayan daƙiƙa biyu, idan ya ga saƙonsa ya dawo masa ta wani rami sai ya toshe ramin. Matsalar ita ce ƙaramin akwati ba ya shiga wannan tsari. Wasu suna barin BPDU ya wuce, babban suwic ya gano zagayen. Wasu kuwa suna haɗiye shi, kuma irinsu ne na ƙarƙashin teburin nan. STP ma yana da iyaka: a Nuwamba 2002 asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston ya koma aiki da takarda na kusan kwana huɗu, bayan netwok ɗinsa ya faɗaɗa fiye da yadda tsarin ke iya riƙewa.

A nan ne hukuncin da aka saba yankewa yake kuskure. Ana neman wanda ya cusa kebul a ba shi takardar tuhuma, alhali bai yi komai ba sai abin da duk mai son gyara zai yi. Laifin yana kan tsarin da ya bar ramin bango a kunne ba mai amfani da shi, ya bar tebur mai na'ura uku da rami ɗaya, ya kuma bar babban suwic ba kariya. Kariyar ba ta bukatar sayen komai:

```
interface range GigabitEthernet0/1 - 20
 spanning-tree bpduguard enable
 storm-control broadcast level 1.00
 storm-control action shutdown
```

Layi na biyu yana rufe duk ramin ma'aikata da BPDU ya shigo ta cikinsa. Shi kaɗai ba zai isa ba a wannan reshe, tunda akwatin yana haɗiye saƙon. Layi biyu na ƙarshe su ne za su kama shi: da zarar shela ta wuce kashi 1 cikin 100 na ƙarfin ramin, ramin ya rufe kansa. Tebur ɗaya zai tsaya, sauran reshe na aiki, rajista kuma ta faɗi ramin da abin ya faru. Sai dai a auna shelar da reshen ke yi a rana mai cunkoso kafin a tsayar da wannan adadi, don kada a riƙa rufe ramukan da ba su da laifi.

Saura aikin manaja da hedikwata: a sa wa kowane ramin bango lambar da ta dace da ta ɗakin na'urori, a kashe ramukan da babu kowa a kansu da umarnin `shutdown`, kuma idan tebur ya bukaci ƙarin rami a ja masa sabuwar waya cikin kwanaki. Muddin neman rami ɗaya zai ɗauki watanni ana jiran amincewa, ma'aikata za su ci gaba da sayo ƙananan akwatuna da kuɗin aljihunsu don aikinsu ya tafi.