Wasiƙa a buɗe zuwa ga ɗaliban Tawa masu shirin kare kundi: minti biyar na jawabin buɗewa

Zuwa ga ɗaliban Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa da suka kammala rubuta kundin bincike, da malaman da suka duba musu aikin.

Wannan wasiƙa ta shafi jawabin da ɗalibi yake yi a farkon zaman kare kundi, zaman da ɗaliban Nijar suka fi sani da sutanas, inda kwamitin malamai da ake kira juri yake zama domin ya tantance ko mai kundin ya mallaki abin da ya rubuta. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, tana bin tsarin matakai uku na lisans da mastar da digirin dakta, kuma a irin wannan tsari shugaban juri ne yake buɗe zama, ya faɗi yawan mintocin da aka ba ɗalibi, sannan ya miƙa masa magana. Wani juri yakan ba da minti goma sha biyar ko ashirin, wani kuma yakan taƙaita idan masu jiran layi sun yi yawa, amma wanda ya iya tattara aikinsa cikin minti biyar ba zai sha wuyar faɗaɗa shi ba, alhali wanda ya shirya na minti ashirin kaɗai yakan rikice da zarar an ce ya gajarta.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara ganewa shi ne malaman da ke gabansa sun riga sun karɓi kundin, kuma aƙalla wanda aka ɗora wa nauyin binciken aikin ya karanta shi shafi bayan shafi, ya zo da tambayoyinsa a rubuce. Saboda haka bin babuka ɗaya bayan ɗaya ɓata lokacinsu ne. Abin da suke son ji daga bakin mai aikin abu uku ne, wato tambayar da ya yi, da amsar da ya samu, da iyakar da amsar ba ta ƙetare ba. Jawabin da ya faɗi waɗannan a fili yana kuma jan ragamar tambayoyin da za su biyo baya, domin malami yakan fara ne daga abin da ya ji yanzun nan.

Lissafin lokacin ba shi da wuya. Minti biyar daƙiƙa 300 ne, kuma mai magana a natse, ko da Faransanci ne ko da Hausa, yakan furta kalmomi 120 zuwa 130 a minti, ke nan jawabin ba zai wuce kalmomi 600 zuwa 650 ba. Rabon da ya dace shi ne daƙiƙa 20 ga gaisuwa da sunan aikin, 40 ga matsala da tambayar bincike, 60 ga hanyar da aka bi, 120 ga sakamako, 40 ga iyakokin aikin, 20 kuma ga rufewa. Ma'anar wannan rabo ita ce sakamakon farko ya fito daga baki da zarar minti na biyu ya cika. Ɗalibin da har aka shiga minti na huɗu yana kan tarihin Sahel da sauyin yanayi ya riga ya yi asara, domin za a tsayar da shi kafin ya kai ga abin da shi kaɗai ya sani a ɗakin.

Misali zai fi bayyana wannan. A ƙaddara wata ɗalibar mastar a fannin noma ta yi bincikenta a gundumar Takanamat, arewa maso yamma da birnin Tawa, a kan tassa, wato ramukan shuka da ake haƙawa da rani a fako, ƙasar nan da ta daskare har ruwa yake gudu a kanta ba ya shiga. Ramin yakan kai faɗin santimita 20 zuwa 30, ana tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare domin ta tare ruwa, a zuba taki a ciki, kuma idan aka bar tazarar mita guda ta kowane ɓangare hekta ɗaya tana ɗaukar rami 10,000. Dabarar ta yaɗu a Adar bayan da wasu manoman yankin Illela suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga yadda ake gyara ramukan a can, a daidai lokacin da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984, yake gudana. Duk wannan tarihi yana da gurbinsa a babin farko na kundi, amma a jawabin buɗewa jimla guda ce rabonsa, wadda za ta nuna giɓin da aikin ya zo cikewa: an ga amfanin tassa a kudancin Adar, to yaya take a Takanamat, inda ruwan sama ya fi ƙaranci kuma noma ya matso iyakar ƙasar makiyaya?

Alƙaluman da ke biye na misali ne kawai, an ƙaddara su domin a ga yadda ake gina jawabi. Ɗalibar ta zaɓi gonaki 30 a ƙauyuka uku, ta raba wani yanki na kowace gona gida uku, ɗaya fako ne da aka shuka yadda aka saba, ɗaya tassa ba taki, ɗaya tassa da taki, kuma a ƙarshen damina guda ta sami matsakaicin kilo 150 da 250 da 500 na hatsi a hekta, bi da bi. Bayan ta ce "Ranka ya daɗe shugaban juri, malamai masu daraja, barkanku da wannan lokaci", ta ambaci sunan aikin, sai tambayar ta fito da siffar da za a iya amsawa: "Wannan bincike ya nemi sanin yawan hatsin da tassa take ƙarawa a fakon Takanamat, da kuma ko ramin ne yake kawo ƙarin ko takin da ake zubawa a ciki." Wannan ta fi jimlar da aka saba ji, wadda take cewa an yi nazari a kan tasirin tassa ga rayuwar manoma, domin ita ba ta yi alkawarin komai ba, kuma babu sakamakon da zai gaskata ta ko ya ƙaryata ta.

A minti guda na bayanin hanya, abin da juri yake nema shi ne inda awo zai iya yin kuskure. Manomin Adar da dami yake ƙirga hatsinsa, dami kuwa ba ya da nauyi ɗaya daga gona zuwa gona, don haka dole ɗalibar ta faɗi ko ta dogara da ƙidayar dammunan da manoma suka ba ta ne, ko kuwa ta yanke zangarniya daga murabba'in da ta auna, ta shanya, ta sussuka, ta ɗora tsabar a sikeli. Haka nan ta faɗi yadda aka zaɓi gonakin, domin idan mai gari ne ya nuna mata su, mai yiwuwa na manoman da suka fi himma aka ba ta, kuma sakamakon zai haura na sauran jama'a. Sunan manhajar lissafi da jerin littattafan da aka duba ba su da gurbi a nan.

Minti biyu na sakamako su ne zuciyar jawabin, kuma sakamako biyu ko uku sun isa, kowanne da alƙalaminsa da ma'anarsa. A wannan misali, ramin shi kaɗai ya ƙara kilo 100 a hekta, taki a cikin ramin ya ƙara wasu kilo 250, ke nan daga jimlar ƙarin kilo 350 kaso mafi girma ya zo ne bayan an sa taki. Ɗalibar da ta ce tassa ta ninka amfani fiye da sau uku ba ta yi ƙarya a lissafi ba, amma ta ɓoye ainihin abin da ta gano, wato manomin da ba shi da dabbobi ko amalanken kai taki gona ba zai ga wannan ninki ba, ko da ya haƙa rami dubu goma. Idan ana nuna hotuna a bango, zane guda mai sanduna uku ya wadatar, kuma ya kamata jawabin ya iya tsayawa da kansa idan wuta ta ɗauke.

Daga nan sai iyakokin aikin, ɓangaren da ɗalibai suka fi gudu saboda suna ɗaukarsa tonon asirin kai. A misalin nan akwai giɓi biyu da kowane malamin noma zai gani. Na farko, babu yanki na huɗu da aka zuba wa taki ba tare da rami ba, saboda haka ba za a iya cewa ga abin da taki yake yi shi kaɗai ba, iyaka dai abin da yake yi a cikin tassa. Na biyu, damina guda aka auna, alhali amfanin rami yana canzawa da yanayin shekara: a shekarar da ruwa yake yankewa yana riƙe danshi, a shekarar ruwa mai yawa kuwa yana iya cika har shuka ta shaƙe. Ɗalibar da ta ambaci waɗannan da bakinta, ta ce sakamakon ya tsaya a kan fakon ƙauyuka uku a damina ɗaya, ta nuna ta san aikinta, kuma tambayar da za ta biyo baya takan koma yadda za a cike giɓin. Wadda ta yi shiru kuwa za ta ji su daga bakin juri a matsayin tuhuma. Masanin tarihin da jami'ar take ɗauke da sunansa ya nuna wannan ladabi tun a sunan littafinsa na 1975, wanda ya killace kansa ga Adar kafin mulkin mallaka, ƙasa ɗaya da zamani ɗaya.

Ana gane jawabin da bai nuna ba tun a gida. Idan aka karanta shi da babbar murya, da agogo a gaba, ya kamata ya ƙare a minti huɗu da rabi, domin alƙaluma suna cin lokaci a baki fiye da yadda suke ci a takarda, kuma tsayawar duba allo da gyaran murya sukan cinye saura. Gwaji na biyu shi ne a sa abokin karatu daga wani sashe, misali na shari'a, ya saurara sau ɗaya, sannan ya maimaita tambayar da amsar da iyakar. Duk wadda ya kasa maimaitawa ba a faɗe ta sarai ba. Kowane alƙalami kuma a gwama shi da na cikin kundi, a rubuta lambar shafinsa a gefen takarda, saboda saɓani tsakanin abin da aka furta da abin da aka buga yana sa juri ya yi shakkar sauran alƙaluman duka. Doguwar godiya ga iyaye da malamai tana da shafinta a kundi, da lokacinta bayan an bayyana sakamakon zama.

Rufewar ba ta buƙatar fiye da jimla biyu, ɗaya ta maimaita amsar da iyakarta, ɗaya ta mayar wa shugaban juri da magana. Bayan haka ɗalibi ya yi shiru, ya ɗauki biro, ya rubuta kowace tambaya yadda aka yi ta kafin ya fara amsawa.

Allah Ya ba da sa'a. Wassalam.

Daga wani malami mai duba kundaye, Tawa.