Raddi ga Mai Cewa Taga Ɓata Sigina Take Yi

Wani injiniya, wanda ya riga ni shiga wannan fage kuma nake ganin girmansa, ya raba wa masu koyon aiki a hannunsa takarda a kan auna wutar lantarki da FFT. Abin da takardar ta ƙunsa a taƙaice shi ne: taga ƙawa ce kawai, kuma ɓata sigina take yi, wanda ya ga yoyo a sakamakonsa ya cika bayanansa da sifiri, yoyon zai tafi, in kuwa dole sai an sa taga, to a sa Hamming, domin ta fi Hann a teburin littafi. Malam ya yi gaskiya a wuri ɗaya, zan kuma faɗi wurin. Sauran maganar ba ta tsayawa idan aka kawo lissafi.

Mu ajiye misali ɗaya a gabanmu har ƙarshe. Ana ɗaukar samfuri 1000 a daƙiƙa, an ɗauka na daƙiƙa ɗaya, wato N = 1000. FFT za ta ba mu gurabe masu tazarar 1 Hz: gurbin 49, na 50, na 51, haka dai. Siginar kuwa wutar gida ce mai bolt 230, tare da wata 'yar ƙaramar sigina a 70 Hz mai bolt 0.23, kashi ɗaya cikin dubu na babbar, wato desibel 60 a ƙasa da ita. Wannan ƙaramar ce muke nema.

Malam ya ce wanda bai sa taga ba ya bar siginarsa yadda Allah ya yi ta. Sai mu ce: babu mai irin wannan zaɓi. Tun lokacin da ka kunna na'ura ta fara ɗauka, ka kashe ta bayan daƙiƙa ɗaya, ka ninka siginar da ɗaya a cikin wannan daƙiƙa, da sifiri a wajenta. Wannan ma taga ce, ita ce tagar akwati, wadda SciPy ke kira `boxcar`. Kuma kowace taga tana da surarta a fagen firikwensi: babban tozo a tsakiya, ƙananan tozaye jere a dama da hagu. Duk wani layi siriri da ke cikin siginar sai ya ɗauki wannan sura. Ƙananan tozayen su ne yoyo, wato ƙarfin firikwensi ɗaya da ya malala zuwa guraben da ba nasa ba. A tagar akwati, tozon farko na gefe desibel 13 kacal yake ƙasa da babban, kuma sauran suna sauka a hankali, desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka.

To me ya sa Malam yake ganin sakamako tas a gwajinsa? Domin 50 Hz cif yake gwadawa. A daƙiƙa ɗaya wannan zagaye 50 ne cikakku, ƙarshen bayanan ya haɗu da farkonsu ba tare da tsalle ba. A wannan hali gurabe 49, 51, 52 da sauransu duk suna faɗawa daidai kan wuraren da surar tagar ta sauko sifiri, sai a ga layi ɗaya tak. Amma duk wanda ya taɓa sa mita a layin wuta ko a janareta ya san firikwensi ba ya zama wuri ɗaya. Bari ya matsa zuwa 50.5 Hz. Yanzu zagaye hamsin da rabi ne, kuma kan tozon ya faɗa tsakanin gurbin 50 da na 51. Kowannensu zai nuna kashi 64 cikin ɗari na gaskiya, wato bolt 230 ya koma kusan 146. A gurbin 70 kuma, wanda ke nisan gurabe 19.5, girman yoyon kusan 1/(π × 19.5) ne na babbar sigina, bolt 3 zuwa 4 ke nan. Abin da muke nema bolt 0.23 ne. Yoyon ya ninka shi fiye da sau goma, ya binne shi.

Ga inda Malam ya yi gaskiya. Ƙa'idar IEC 61000-4-7 ta auna hamonik a layin wuta da tagar akwati take aiki, a kan zagaye 10 na 50 Hz, kimanin milidaƙiƙa 200. Sai dai ta gindaya sharaɗi: dole a ɗaure ɗaukar samfurin da firikwensin layin, ta yadda ko ya yi sama ko ya yi ƙasa, zagaye goma cif ake kamawa. Wannan sharaɗin ne takardar Malam ta tsallake. Ɗalibin da ke ɗauka da agogon na'urarsa, wanda bai san abin da layin ke ciki ba, bai cika shi ba.

Batun ciko da sifiri shi ya fi yaudarar mutane, domin hoton yana yin kyau da gaske. A ƙara sifiri 7000 a kan samfuri 1000, tazarar gurabe ta koma 0.125 Hz. Yanzu akwai gurbi a kan 50.5 daidai, kuma zai nuna kusan bolt 230. Wannan amfani ne na gaske, ban musa ba: tawayar da ke zuwa daga faɗawa tsakanin gurabe ta gyaru. Amma a duba 70 Hz, yoyon bolt 3 zuwa 4 yana nan bai motsa ba. Sifirin bai ƙara ko ɗigon labari game da siginar ba. Tagar dai ita ce ta daƙiƙa ɗaya mai kaifin baki, surarta ba ta canja ba, ɗigon da ake zana ta da su ne suka ƙaru. Ina roƙon Malam ya yi gwaji ɗaya: ya ɗauki 50 Hz ɗinsa mai tsabta, ya cika ta da sifiri. Zai ga ƙananan tozaye sun fito dama da hagu inda dā babu komai. Ba sifirin ne ya haife su ba. Suna nan tun farko a tsakanin gurabe, ba a dai leƙa wurin ba ne.

Sai maganar Hamming da Hann, wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta, saboda Malam bai ƙirƙiri lambobinsa ba. Suna cikin teburin da Fredric Harris ya wallafa a 1978, wanda har yau ake komawa gare shi: tozon gefe mafi tsayi a Hamming desibel 43 yake ƙasa, a Hann kuwa 31 ne ko 32. Wanda ya karanta wannan layi kaɗai zai ce Hamming ta ci. Amma akwai wani layi kusa da shi, na saurin saukar tozayen. Hann tana sauka har sifiri a bakinta biyu, cikin laushi, don haka tozayenta suna zubewa da desibel 18 duk ninkin nisa. Hamming ba ta kai sifiri, tana tsayawa a 0.08. An bar wannan ɗan dakali da gangan don ya soke tozon da ke kusa, amma dakali tsalle ne, kuma tsalle komai ƙanƙantarsa desibel 6 yake bayarwa, irin na akwati.

A misalinmu, a nisan gurabe 19.5, yoyon Hamming kusan rabin bolt ne, desibel 52 a ƙasa. Ya fi na akwati nesa ba kusa ba, amma har yanzu ya ninka bolt 0.23 ɗinmu sau biyu. Na Hann kuwa kusan bolt 0.01 ne, desibel 87 a ƙasa, sai ƙaramar siginar ta miƙe a fili. Wanda yake shakka ya buga wannan, ya riƙa sauya sunan tagar yana duba `X[60:80]`:

```python
import numpy as np
import scipy.signal
t = np.arange(1000) / 1000
x = 230*np.sin(2*np.pi*50.5*t) + 0.23*np.sin(2*np.pi*70*t)
w = scipy.signal.get_window("hann", 1000)
X = 2*np.abs(np.fft.rfft(x*w)) / w.sum()
```

A lura da rabawa da `w.sum()` a layin ƙarshe. Matsakaicin tsayin Hann rabi ne, na Hamming 0.54. Wanda ya raba da N kamar yadda ya saba zai ga bolt ɗinsa ya ragu da rabi, kuma ina zaton daga nan zargin "taga na ɓata sigina" ya samo asali.

Kada a ɗauka ina cewa Hann ce sarauniya. Da ƙaramar siginar tana nisan gurabe biyu da rabi kacal, Hamming ce za ta fi rage yoyon da ke kanta, domin a nan ne soke tozon kusa yake biya. Kuma kowace taga mai rage yoyo tana karɓar kuɗinta a faɗin babban tozo: na akwati gurabe 2 ne daga sifiri zuwa sifiri, na Hann da Hamming 4, na Blackman-Harris mai sassa huɗu, wadda ke danne tozayen gefe zuwa desibel 92, gurabe 8. Sigina biyu masu girma ɗaya da tazarar gurbi ɗaya da rabi, akwati na iya raba su, Hann kuwa sai ta narka su wuri ɗaya. Hann tana kuma ɗebo hayaniya ta faɗin gurbi 1.5 a kowane gurbi. Ko a auna girma ba ta kuɓuta ba: a 50.5 Hz, bolt 195 za ta nuna maimakon 230. Mai gwada daidaiton na'ura, wanda girman ne damuwarsa, `flattop` ce tasa, domin kuskurenta bai kai desibel 0.1 ba duk inda layin ya faɗa, amma tozonta ya kai gurabe 10.

Saboda haka tambayar da ta kamata Malam ya koya wa yaransa ita ce: abin da nake nema, gurabe nawa ne tsakaninsa da babban maƙwabcinsa, kuma desibel nawa yake ƙasa da shi? Ɗauki mai neman karyewar sandar rota a motar indokshan. Alamar tana fitowa a karant ɗin motar a (1 ± 2s)f, inda s shi ne silif. Idan silif kashi 2 cikin ɗari ne a 50 Hz, layukan suna 48 da 52 Hz, sau da yawa desibel 40 zuwa 50 a ƙasa. Da bayanan daƙiƙa ɗaya wannan gurabe biyu ne kacal, bakin babban tozon Hann ke nan, Blackman-Harris kuma ta haɗiye su ɗungurungum. Babu tagar da za ta fitar da kai, balle sifiri. Maganin shi ne a tsawaita ɗauka. Daƙiƙa 10 na mayar da gurbi 0.1 Hz, tazarar 2 Hz ta zama gurabe 20, mun koma lissafin da muka yi a sama, inda Hann ta wadatar.

Tsawaitawar ma tana da iyaka. Idan firikwensin layin ya yi yawo da 0.3 Hz a cikin daƙiƙa goman, babban layin zai baje a kan gurabe uku, haka ma idan nauyin motar ya canja silif ya motsa. Ana gane wannan da sauƙi: a sauya taga, in ƙafafun tozon sun sauka to yoyo ne, in kuwa kan tozon ya ci gaba da faɗi ko ya rabu, siginar ce da kanta ba ta tsaya ba, sai a sake ɗauka lokacin da nauyi ya daidaita.